Daga PDF Zuwa EPUB: Yadda Za A Ceto Ƙ, Ɗ Da Ɓ



Littattafan Hausa da ke yawo a wayoyinmu galibi PDF ne, kuma mun san wahalar karanta su: a buɗa shafi da yatsu biyu, a ja hagu, a ja dama. Dalili shi ne lokacin da kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, burinsa shafi ya fito iri ɗaya a kowace na'ura, don haka fayil ɗin wurin zaman kowane harafi yake riƙewa, galibi bai san inda sakin layi ya fara ko ya ƙare ba. EPUB kuwa, wanda ya fito a 2007, jerin sakin layi ne, na'urar karatu ce ke yanka layuka daidai faɗin fuskarta.

Kafin a juya komai, a gwada littafin. A zaɓi jimla guda a kwafa, a liƙa ta a wani wuri. In ta ƙi zaɓuwa, hoton shafi ne, sai an bi ta manhajar OCR, wadda in ba ta san Hausa ba takan mai da ƙ ta koma k. Littafin Ajami na hannu kuwa gara a bar shi yadda yake. In jimlar ta kwafu, a dubi haruffa masu lanƙwasa, don a nan littafin Hausa ya fi lalacewa.

Mu ɗauka ɗan littafi ne kan noman shinkafa a fadamun Kwara. A shafi an rubuta "ƙasa", "ɗaya" da "ɓera", amma da aka liƙa sai ga `qasa`, `xaya` da `vera`. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga littattafai kan yi amfani da fon da aka zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v. Wasu fon ɗin alamomi suka ara, shi ya sa ake ganin `}asa` da `za~e`. Ido yana ganin ƙ, fayil kuwa q ya ajiye, kuma da zarar an raba rubutun da fon ɗinsa asiri ya tonu.

Shawarata ita ce kada a tafi EPUB kai tsaye. A yada zango a DOCX. Manhajar calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006 kuma kyauta ce, tana yin wannan ko babu intanet:

```
ebook-convert shinkafa.pdf shinkafa.docx --unwrap-factor 0.45
```

Lambar 0.45 ita ce ma'aunin da manhajar ke hasashen wane layi ne ci gaban na samansa. In jimloli suka fito a tsintsinke, a rage ta zuwa kamar 0.3 don a haɗe layuka da yawa. In kanun babi ya manne da rubutun ƙasansa, a ƙara ta.

Sai a buɗe fayil ɗin a Word a musanya haruffan, tare da kunna `Match case` don Ƙ da ƙ kada su cakuɗe. Mu mutanen Bagudo da ke bakin iyaka muna da wani tarkon na musamman. Littafin da ya ambaci kasuwar Malanville ta Jamhuriyar Benin, in aka danna `Replace All` ido rufe, garin zai koma "Malanɓille". Haka duk sunan Faransanci ko na maganin feshi mai v ko x zai sha. Q ba ta cika ba da matsala ba, amma v da x a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ma ya sa na ƙi a yi gyaran a cikin EPUB, domin can akwai alamomin tsari irin su `<div>`, kuma in v ɗinsu ta zama ɓ tsarin littafin ya rushe.

A wannan zaman ne za a goge sunan littafi da lambar shafi da ke faɗowa tsakiyar jimla, a kuma sa wa kowane kan babi `Heading 1` don jerin babi ya ginu. Teburin awon taki da shafi mai ginshiƙi biyu sukan fito a hargitse. Tebur dai a sake buga shi da hannu, ko a sa hotonsa. Daga nan:

```
ebook-convert shinkafa.docx shinkafa.epub --language ha --embed-font-family "Charis SIL"
```

Sai an riga an girka Charis SIL a kwamfutar kafin wannan ya yi aiki. Amfaninsa shi ne na'urar da fon ɗinta bai da ƙ ba za ta nuna ɗan akwati a gurbinta ba.

A ƙarshe a buɗe littafin a waya, a ƙara girman rubutu, a ga ko layuka sun sake jeruwa da kansu. A nemi "ƙasa" a wurin bincike: in ta fito, haruffan na gaske ne. A nemi q, x da v, kuma abin da ya kamata a tarar sunayen baƙi ne kawai.