Jawabi: Wasiyyar da Ake Iya Rushewa



A ce wani dattijo ya rasu ya bar shanu 9. Sai ɗan ƙanensa ya fito da takarda, wai an yi masa wasiyyar shanu 3. Uku cikin tara sulusi ne, bai wuce haddi ba. Amma 'ya'yan mamacin suka ce a ranar babansu ba ya ko gane su.

Kada su taɓa shanun. Su kai ƙara kotun shari'a a Anka tun kafin a raba gado.

Alƙali zai tambaya: a lokacin da dattijon ya yi maganar, yana cikin hankalinsa? Tsufa ko ciwo kaɗai ba ya rushe wasiyya. Ko mai taɓin hankali, idan ya yi ta sa'ad da hankalinsa ya dawo, ta zauna. Don haka su kawo shaidu biyu adilai da suka gan shi a ranar, da katin asibiti in akwai.

In kuwa tilasta masa aka yi, misali aka ce ba magani sai ya dangwala yatsa, ita ma ta rushe. Amma lallashi ba tilas ba ne.

Idan alƙali ya gamsu, shanun 3 su koma cikin gado.