Tsakanin "Sun" da "Suka": Riƙon Lokaci a Doguwar Jimlar Labari

Lacca ga malaman Hausa da masu sha'awar rubutu na yankin Batsari da Safana

Duk malamin da ya taɓa gyaran insha'i ya san irin jimlar da wannan lacca za ta tsaya a kanta. Ɗalibi ya ɗauko labari da kyau, ya yi layi uku bai sa aya ba, can a tsakiya sai mai karatu ya ji wani abu ya goce, alhali babu kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Malam ya ja jan biro ya rubuta "lokaci" a gefe. Ɗalibin kuwa bai san inda ya kauce ba, don shi a ganinsa duk abin da ya faɗa ya riga ya wuce.

Asalin rikicin shi ne Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu. Littattafan nahawu, irin na M. K. M. Galadanci na 1976 da na Paul Newman na 2000, sun jera su daban: na ɗaya shi ne "mun, kun, sun, an", na biyu kuma "muka, kuka, suka, aka". Duka biyun suna nuna aiki ya kammala, amma ba aiki ɗaya suke yi a cikin labari ba. "Sun" yana ba da rahoto ne, cewa abu ya riga ya auku kafin lokacin da ake tsaye a kai. "Suka" shi ke tura labari gaba, wannan ya faru, sannan wancan ya biyo.

Ga jimlar gwaji, daga harkar da kowa ya sani a ƙasar da ta yi suna da rogo: "Da asuba manoman suka fito daga Wagini, suka ɗora buhunan rogo a amalanke, suka kama hanyar Batsari, suna tafe suna lissafin abin da za su samu, har suka isa kasuwa, dillalai suka watse."

A nan "suka" biyar ne, kuma kowanne taki ɗaya ne gaba. Na ƙarshen ma haka: sai da manoman suka iso sannan dillalai suka watse, har mai karatu zai fara zargin ko ganinsu ne ya kore su. To, a canja kalma ɗaya tak, a ce "har suka isa kasuwa, dillalai sun watse." Labarin ya zama wani daban. Yanzu manoman sun makara ne, sun tarar da rumfuna wayam. Wannan "sun" ba kuskure ba ne. Marubuci ya ja baya da gangan don ya nuna halin da aka iske, kuma Hausa ta yarda da haka sarai, musamman bayan aikatau irin su tarar, iske, samu da gani.

Kuskuren da ke cika takardun ɗalibai shi ne "sun" ya faɗo inda ba ja da baya ake nufi ba: "suka fito daga Wagini, suka ɗora buhuna, sun kama hanya, sun isa kasuwa." Mai karatu zai tsaya cak, don jimlar tana gaya masa sun riga sun kama hanya tun kafin su gama lodi. Akwai tambaya guda da ke raba gardama. Shin wannan aiki ya zo bayan wanda ya gabace shi, ko kuwa ya riga shi? In bayansa ya zo, "suka" ne. In ya riga shi, "sun" yana da hurumi. Wuri na biyu da "sun" ke da hurumi shi ne farkon bayani, kamar yadda ake ji a labaran rediyo, inda jimlar farko ke sanar da cewa an yi kaza, sannan a shiga filla-filla da "aka" da "suka".

Abin da ya sa cutar take daɗewa ba a gano ta ba shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. A tilo, "ya zo" na ɗaya da "ya zo" na biyu kamanninsu ɗaya a takarda, ko da yake a baki na ɗayan ana jan wasalinsa, na biyun ana datse shi. Ɗalibi zai iya cika shafi da "ya tashi, ya tafi, ya dawo" ba tare da shi kansa ya san wanne yake nufi ba, sai ranar da labarin ya zama na mutum biyu asirinsa ya tonu. Dabarar malami a nan mai sauƙi ce: a sa shi ya mayar da jarumin labarin jam'i, ko ya mayar da shi "ke", tunda "kin" da "kika" ba su ɓuya. Nan take za a ga inda ya zame. Mutanen wannan yanki ma suna da wata garaɓasa. Kunnensu ya saba da Hausar yamma ta maƙwabtansu Zamfarawa da Sakkwatawa, inda ake cewa "sunka" da "anka", a kuma ninka baƙi a tilo a ce "yaz zo", "tat tafi". Wannan ninkin a shuɗaɗɗe na biyu kaɗai yake zuwa. Duk inda baki ya yarda a ce "yat tashi", to gurbin "suka" ne. Jarrabawa daidaitacciyar Hausa take nema, gaskiya ne, amma ba laifi a yi awo da karin gida kafin a rubuta.

Sai batun da ya fi jawo wa ɗalibai jan biro ba da haƙƙinsu ba. A jimlar manoman akwai "suna tafe suna lissafin abin da za su samu." Wanda ya koyi dokar lokaci a ajin Turanci zai ce an tsallaka daga jiya zuwa yau, har an leƙa gobe. Ba a tsallaka ko'ina ba. Lokaci mai ci a Hausa ba ya cewa "yanzu", cewa yake aikin bai ƙare ba a daidai inda labari ya tsaya. Tunda "da asuba suka fito" ya riga ya kafa lokacin, "suna tafe" a cikin wannan asubar yake, "za su samu" kuma gaba yake da ita, ba gaba da mai karatu ba. Haka zancen wani yake idan an ruwaito shi: "suka ce za su dawo", "ya ce yana zuwa". Turanci kan ja irin wannan aikatau baya, Hausa kuwa tana barinsa yadda mai maganar ya furta. Wanda ya buɗe kowane labari a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, zai ga "suka" da "suna" suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai taka wani.

Daga wannan rashin fahimta ne aka haifi "ya kasance yana", wanda ya zama ruwan dare a fassarar labarai. Marubuci yana tsoron kada "yana noma" ya zama na yau, sai ya jibga masa "ya kasance" a gaba. Mafi yawan lokuta kaya ne kawai. "A lokacin yana noma a Runka" ya wadatar.

Akwai kuma sauyin da ba marubuci ke zaɓa ba, ƙaramar kalmar da ke gaba ce ke tilasta shi. Ana cewa "da suka isa", amma "bayan sun isa", amma "kafin su isa". Siga uku, isowa ɗaya, duk a cikin abin da ya shuɗe. Korewa ma ba ta san bambancin na ɗaya da na biyu ba, "ba su sayar ba" ne a duka. Haɗarinta shi ne ɗalibi kan fita daga cikinta ya manta da inda ya taso, ya ci gaba da "sun". Daidai shi ne "suka isa, ba su sayar ba, suka juyo."

To, yaushe ake barin jiya da gaske a shigo yau? Na farko, idan abin da ake faɗa yana nan har gobe. "Suka bi ta Runka, wadda take cikin ƙaramar hukumar Safana, suka nufi bakin Dajin Rugu." Garin bai tashi daga inda yake ba, don haka "take" ya zauna daram, kuma da an rufe wannan ɗan bayani sai a koma kan "suka". Na biyu, idan mai ba da labari ya juyo ya fuskanci masu sauraro, ko ya bar wani ya yi magana da bakinsa. Na uku, idan an tashi daga abin da ya faru sau ɗaya zuwa abin da aka saba. Shi lokaci sabau yana da nasa jerin: "sukan fito da asuba, su ɗora buhuna, su kama hanya." "Kan" sau ɗaya yake fitowa, sauran su bi da "su". Wanda ya ce "sukan fito, su yi lodi, suka kama hanya" ya haɗa al'ada da aukuwa a ƙwarya ɗaya. In yana son ya sauko daga al'adar zuwa rana guda, sai ya sa alama: "ran nan sai suka makara." Kalmomi irin su "ran nan", "wata rana", "a da", "yanzu kam" da "har yau" su ne ke sanar da mai karatu an sauya.

Rashin wannan alama ba ƙaramin abu ba ne a yankin da hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, kuma 'yan jarida da ma'aikatan agaji ke rubuta bayanin waɗanda abin ya shafa. A duba wannan: "Suka baro ƙauyensu da dare, suka shigo Batsari, suna kwana a makaranta." A nahawu ba ta da aibu. Amma sassaucin nan na "suna" ya bar tambaya a buɗe: a wancan lokacin suke kwana, ko har daren jiya? Mai magana da baki ana iya tambayarsa, takarda kuwa ba ta amsawa. In abin ya wuce, a rubuta "suka yi ta kwana a makaranta har suka samu masauki." In yana nan, a yanke jimlar a buɗe sabuwa: "Har yanzu a makaranta suke kwana." An lura "suna" ya koma "suke", saboda an gabatar da wurin don a ƙarfafa shi. Shi ma lokaci mai ci iri biyu ne, kuma na biyun ne ke zuwa bayan abin da aka ja gaba.

Wajen gyara a aji, hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin kowane lamirin lokaci a doguwar jimlarsa, ya karanta "suka" ɗin kaɗai a jere ya ji ko labarin ya tsaya da ƙafarsa. Sauran da suka rage, kowanne sai ya faɗi dalilin zuwansa: hali ne da aka tarar, aiki ne da ke gudana a gefe, zancen wani ne, gaskiya ce mai ɗorewa, ko kuwa "kafin" ko "bayan" ne suka jawo shi. Wanda ya rasa dalili a mayar da shi "suka". In kuma aka samu jimla ɗaya ta ɗauki irin waɗannan ratse uku ko huɗu, ko da kowanne yana da hujja, gara a sa aya bayan na biyu a sake ambaton masu aikin, don a lokacin mai karatu ya fara mance ko manoma ake nufi da "su" ko dillalai.