Janareta ko Sola: Nawa Awa Ɗaya Take Ci Mana?



Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, mu masu sayar da zoɓo, kunu da ƙanƙara muke jin abin a aljihu. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa. Shi ya sa wasunmu suke tunanin cin bashi su sa sola. Kafin kowa ta sa hannu a takarda, mun ga ya dace mu yi lissafin tare, yadda muke yi a ajin yaƙi da jahilci, da biro da takarda. Farashin da za ku ji na misali ne, kowa ta cire namu ta sa na kasuwarta na yau.

Mu ɗauki shago mai firiza ɗaya, fanka biyu, ƙwan lantarki huɗu da wurin cajin waya. A jikin kowane kaya an rubuta wutar da yake sha. Firiza mu ce wat 150, fankoki biyu wat 150, ƙwayaye wat 40, caji wat 60, jimla wat 400. Mai shagon tana kunna janareta awa 6 a rana, kwana 300 a shekara, wato awa 1,800 ke nan.

Yawancinmu kuɗin fetur kaɗai muke ƙirgawa, shi ma da ka. Hanyar sani ita ce a cika tanki, a rubuta lokacin da aka kunna da lokacin da aka kashe, sannan a sake cikawa a ga lita nawa ta shiga. Mu ce lita 4 ce ta tafi cikin awa 6, lita kuma naira 900. Naira 3,600 ke nan a rana, naira 600 kowace awa. Sai baƙin mai, fulogi da kuɗin makaniki. In ana kashe naira 5,000 duk bayan awa 100, an ƙara naira 50 a awa. Shi kansa injin yana cinyewa, ko ba a gani. Wanda aka saya naira 300,000, in ya yi awa 3,000 kafin ya zama na 'yan gwangwan, kowace awa ta ci naira 100 daga jikinsa. Awa ɗaya ta janareta ta tashi naira 750, shekara kuma naira 1,350,000.

Ku lura da wani abu a nan. Janareta ba ya jin tausayin mai ƙaramin kaya. Ko ƙwai ɗaya aka kunna, injin yana juyawa da gudunsa yana shan mai, ragin da ake samu bai kai yadda mutum yake zato ba.

To, sola fa? Ita kuɗinta a gaba ake biya gaba ɗaya, don haka sai an raba shi kan shekarun da kowane kaya zai yi. Shagon namu yana buƙatar wat 400 sau awa 6, wato 2,400 a rana. A nan arewa rana mai ƙarfi takan ba da kamar awa 5, amma zafi, ƙura da wayoyi suna cinye kusan kashi 30 cikin 100. Faranti biyu masu wat 400 za su ba da kamar 2,800, ya isa amma da ƙyar. Mu dai uku muke ba da shawara, saboda hazon hunturu da gajimaren Agusta. Mu ce farantan da waya da kuɗin mai haɗawa sun tashi naira 600,000. Faranti mai kyau yana wuce shekara 20, amma mu ƙirga 10 kawai: naira 60,000 a shekara. Inbata da na'urar daidaita caji, mu ce naira 400,000 na shekara 5: naira 80,000 a shekara. Kada a sayi ƙaramar inbata don araha, domin firiza tana fizgar wuta ninki da yawa a daidai lokacin da take tashi.

Batir shi ne inda kuɗin yake, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe 2,400 a rubuce, sai mai sayarwa ya ce ai guda ɗaya ya ishe ki yini. Abin da ba zai faɗa ba shi ne irin wannan batir rabinsa kawai ake sha. In ana tatse shi ƙarƙaf kullum, wanda ya kamata ya yi shekara 3 ba zai cika shekara ba. Shagonmu yana aiki awa 3 bayan magariba, wato 1,200, daidai rabin batir ɗaya, ba a bar komai ba don abin da inbata take ci. Saboda haka biyu za a saya, mu ce naira 600,000, naira 200,000 a shekara. Batirin litiyam ya fi daɗewa kuma ana shan mafi yawansa, sai dai kuɗin farko ya fi yawa.

Duka kayan sun tashi naira 1,600,000, a shekara kuma naira 340,000. In aka raba da awa 1,800, awa ɗaya ta zo kusan naira 190. Ga 750, ga 190. Wadda ta daina sayen mai da gyara tana ajiye naira 650 a awa, naira 1,170,000 a shekara, don haka cikin wata 17 ko kusa da haka kuɗinta ya dawo.

Amma kada mu yi saurin guɗa. Wannan lissafin na mai awa 6 ne. A ce maƙwabciyarta tana samun wutar nefa, janareta awa 2 kawai take kunnawa. Awa 600 take da ita a shekara, batir kuwa yana tsufa ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. In ta sayi kaya iri ɗaya, awarta ta sola za ta haura naira 560. Abin da za ta ajiye naira 390,000 ne a shekara, sai ta yi fiye da shekara 4 kafin ta mayar da kuɗinta, kafin nan ma batir ya mutu an sayi wani. Irin wannan ƙaramin haɗi ya fi mata, faranti ɗaya da batir ɗaya don fanka da haske. Wadda za ta ci bashi kuma, ta ɗora duk abin da za a ƙara mata a kan 1,600,000 ɗin, sannan ta duba ko biyan wata ya yi ƙasa da naira 97,500 da mai da gyara suke ci mata a wata. In ya fi haka, daga jarinta za ta riƙa cikawa.

Masu injin markaɗe da masu guga da dutsen lantarki, wannan haɗin ba zai ɗauke ku ba, dutsen guga kaɗai yana shan wat 1,000 ko fiye.

Bayan an sa, akwai hidima. A hunturu a riƙa wanke faranti da sassafe kafin ya yi zafi, ko sau ɗaya ne a mako. A duba ruwan batir duk wata, kuma ruwan batir na kanti za a zuba, ban da na rijiya ko na leda. A ajiye shi inda iska take shiga, zafi yana rage masa kwana. In kika ga batir ya cika tun hantsi, amma kafin isha'i inbata ta fara kuka alhali ba ki ƙara kaya ba, to ya fara mutuwa. Shi ya sa duk wata ake ware kamar naira 17,000 a gefe, kuɗin sabon batir ke nan idan shekara 3 ta cika. Tsohon janareta kuma kada a sayar, zai yi amfani a kwanakin da hadari ya rufe rana, sai dai a kunna shi a waje, nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Wadda take son a yi mata nata lissafin, ta rubuta litar mai da awannin da ta yi na mako ɗaya ta kawo mana taro na gaba.