Kafaɗar da Ta Sandare: Kowane Mataki da Irin Motsinsa



Yau da labarin goggona zan fara. Shekarunta 52, tana da ciwon suga. Bara kafaɗarta ta dama ta fara ciwo, ba faɗuwa ba buguwa. Cikin dare sai ta tashi zaune. Bayan wata huɗu ɗaurin ɗankwali ya gagare ta. Aka kai ta wajen mai ɗori ya fizgi hannun, wallahi sati biyu ba ta yi barcin kirki ba.

A asibiti likita ya kama hannun ya ɗaga da kansa, ya ƙi wuce inda ita ma take tsayawa. Wannan ce babbar alamar sandarewar kafaɗa: ko wani ne ya ɗaga maka, gaɓar a kulle take.

To me ya sa take daɗewa? Akwai wata jaka da ta lulluɓe gaɓar kafaɗa. Ita ce ke kumbura, ta yi kauri, ta tsuke kamar tabon ƙuna. Tabo kuwa ba ya saki a kwana ɗaya. Shi ya sa abin kan ɗauki shekara 1 zuwa 3, kuma ya fi nacewa masu suga.

Matakin farko na zafi ne, wata 2 zuwa 9. A nan lallaɓawa ake yi. Ka dafa tebur da lafiyayyen hannu, ka sunkuya, ka saki mai ciwon yana lilo a hankali kamar minti ɗaya. Kada a ja da ƙarfi, kada kuma a rataye hannun a daina motsa shi. Allurar rage kumburi a gaɓar ta fi amfani a wannan lokacin, sai dai tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, don haka a faɗa wa likita.

Mataki na biyu, wata 4 zuwa 12, zafi ya ragu amma hannu ya ƙage. Yanzu ne lokacin miƙewa. Goggo kan fuskanci bango ta riƙa hawa da yatsu, in ta ji ya ja sai ta tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30. Sannan ta manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ta tura hannun waje da sandar mofa.

Na uku, gaɓa ta fara saki, wata 6 har shekara 2. Sai a ƙara da ƙarfafa tsoka: jan roba, ɗaga ƙaramar gorar ruwa, komawa aikin gida.

Ma'aunin duka guda ne: idan zafin motsin ya kwana har washegari, ka wuce gona da iri, ka rage. In kuwa akwai zazzaɓi, ko bayan faɗuwa ciwon ya fara, sai asibiti kai tsaye.

Goggo yau wata 14, ta koma ɗaura ɗankwalinta da kanta. Zuge zif ɗin baya ne dai har yanzu sai ta kira ni.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ƙara mana lafiya.