Me ya sa ɗan zango ke fin ɗan'uwansa na gida tsawo?

Ga taƙaitaccen jawabin da aka gabatar a filinmu na lafiyar iyali, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi yana bakin iyaka ko yana bayan shanu.

Duk wanda ya taɓa sauka Kumasi, ya bi ta tashar motar Sofoline ko ya kwana a Aboabo ko Asawase, ya ga abin da za mu yi magana a kai. Za ka ga dattijo wanda ya taso daga ƙasar Katsina ko Maraɗi tun yana saurayi, yana tafe da ɗansa haifaffen Kumasi, ɗan ya kere shi da kusan taƙi guda. Ran da aka je gida biki, sai a tarar yaron nan ya fi 'ya'yan baffanninsa tsawo, alhali kakansu ɗaya. Wasu su ce ruwan kurmi ne, wasu su ce jinin uwa ne, har a kan sami mai mugun baki ya jefa zargin da bai kamata ba. To, amsar tana nan, kuma makiyayi ya riga kowa saninta.

Ka ɗauki maruƙa biyu, bijimi ɗaya ya haife su, iyayensu mata kuma duk bunaji ne. An haifi ɗaya da damina ta zauna, ciyawa ta yi, nono na zuba. An haifi ɗayan a tsakiyar bazara, uwar na lasar ƙasa, ga sammore ya kama ta. Bayan shekara uku ka jera su. Na bazaran nan ko ya yi ƙiba daga baya, ƙashinsa ba zai kamo na ɗan'uwansa ba. Iri ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne abin da suka samu a farkon rayuwa. Haka ɗan Adam yake. Gado yana yanka wa yaro iyakar tsawon da zai iya kaiwa, amma ci da lafiya su ke sa ya kai wannan iyaka ko ya tsaya a hanya.

An auna wannan abu a wurare da yawa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ƙabilar Maya ta ƙasar Gwatamala, waɗanda yaƙi da talauci suka kora zuwa Amurka. Wani masani mai suna Barry Bogin ya auna 'ya'yansu a Florida da Los Angeles wajen shekarar 2000, ya tarar sun fi takwarorinsu da ke Gwatamala tsawo da kimanin santimita 11. Kusan santimita 7 daga ciki a ƙafa suke, wato ƙafar ce ta fi miƙewa. Jini bai canja ba a cikin shekaru ashirin, wurin zama ne ya canja.

Akwai kuma wani bincike da ya shafi Gana kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida: Gana, Indiya, Oman, Norway, Brazil da Amurka. An zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, gidajensu kuma babu yunwa. Sai aka ga har zuwa shekara 5 yaron Accra da yaron Norway kusan tsawonsu ɗaya. Daga wannan aiki aka fitar da ma'aunin 2006, wanda shi ne layukan da kuke gani a katin awon yara a asibiti. Ma'anar wannan ita ce, idan ka ga yaran wani yanki gaba ɗaya gajeru ne tun suna ƙanana, kada ka yi saurin cewa haka irinsu yake.

Yanzu mu kwatanta gida da zango. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A arewa maso yamma, inda Kano da Katsina da Sakkwato suke, adadin ya kai 57 cikin 100. A Gana kuwa, binciken 2014 ya sami 19 cikin 100. Ka ga ke nan yaron da aka haifa a Kumasi ya faɗo inda tsumburewa ta yi ƙaranci sosai idan aka kwatanta da garin ubansa.

Me Kumasi ke ba yaro wanda ƙauye ya hana shi? Na farko, abinci ba ya yankewa. A arewa damina ɗaya ce, kuma daga bazara har zuwa fitowar sabon gero rumbu ya yi ƙasa, mai ciki da mai goyo su ke fara jin jiki. Ƙasar Asante tana samun ruwa sau biyu a shekara, kasuwa kuma ba ta rabuwa da ayaba da gwaza da ganyen kontomire da busasshen kifi. Ko talakan zango yakan sami koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da ɗan ƙwai da rana. Ƙashi yana bukatar irin abin da ke cikin kifi da ƙwai da wake da nono, tsinkakken kunun gero shi kaɗai cika ciki kawai yake yi.

Na biyu, ciwo ba ya daɗewa a jikin yaro. Duk lokacin da gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, girma yakan tsaya, jiki ya karkatar da abin da ya ci wajen yaƙi da cutar. Idan ya warke ya sami abinci, yakan rama. Idan kuwa wannan gudawa na tafiya wata na zuwa, saboda ruwan tafki ɗaya ake sha da dabbobi, ba ya samun sararin ramawa. A birni akwai ruwan famfo, asibiti na kusa, ana rigakafi, ana kai yara awo wata-wata. Gana ta kafa inshorar lafiya a 2003, ta kuma sa kula da masu ciki kyauta a ƙarƙashinta a 2008, don haka matar zango takan je awon ciki fiye da 'yar'uwarta da ke tafiyar yini kafin ta ga malamin asibiti.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne lokacin. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kwana 1,000 ke nan, a nan ake cin riba ko a yi asara. Jariri yakan zo duniya da kimanin santimita 50. A shekarar farko yakan ƙara kusan 25, a ta biyu ya ƙara kamar 12, ya kai wajen 87. Ba zai sake yin irin wannan gudu ba har abada. Shi ya sa yaron da aka kawo Kumasi yana ɗan shekara 10 yakan murmure ya yi jiki, amma da wuya ya kamo ƙanensa da aka haifa a can.

Bari mu yi lissafi da misali. Likitoci na da hanyar ƙiyasta tsawon da yaro zai kai: a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara 13 idan namiji ne, a cire 13 idan mace ce, sannan a raba biyu. A ce wani bafatake tsawonsa 168, matarsa 157. An haɗa ya ba da 325, an ƙara 13 ya zama 338, an raba biyu ya ba da 169. Lissafi ya ce ɗansu zai tsaya wajen 169, da ɗan sama ko ƙasa. Sai ga ɗan da aka haifa a zango ya kai 175. Daga ina shidan nan ta fito? A ce uban da uwar kowannensu yunwa da ciwon yarinta sun ci masa santimita 6. Ashe tsawon da suka gada 174 ne da 163. Sake lissafin da waɗannan: 337, a ƙara 13 ya zama 350, a raba biyu, 175 cif. Yaron bai ɗauko tsawon kowa ba, na gidansu ne da iyayensa ba su samu suka kai ba.

Sai dai kada a ɗauka ko'ina haka ne. Wani ɓangare na bambancin tun daga gida yake, domin wanda ke iya barin gari ya yi fatauci har Kumasi sau da yawa mai ƙarfi ne, ko ɗan gidan da ke da ɗan hali. Kwatanta ɗansa da kowa da kowa na ƙauye ba daidai ba ne, a kwatanta shi da 'ya'yan 'yan'uwansa na jini. Sannan zango ba aljanna ba ce. Inda mutum goma ke ɗaki ɗaya, kwata na bin ƙofar gida, sauro na yini yana kwana, yaro zai tsumbure ko da a tsakiyar Kumasi yake. Uwar da ita kanta ta tsumbure takan haifi ƙaramin jariri, shi ya sa wani lokaci sai a jikoki ake ganin cikakken tsawon. Akwai kuma hasara ta wani gefen: yaron birni da ya saba da lemon kwalba da soye-soye yakan haɗa tsawo da teɓa, hawan jini da ciwon suga su jira shi a gaba.

To, wanda ke ruga ko ƙauyen bakin iyaka fa, sai ya yi ƙaura? A'a. Makiyayi yana riƙe da abin da ɗan birni ke saye da tsada. Matsalar ita ce a kai nonon duka kasuwa a dawo da garin masara, a bar mai ciki da ɗan yaye da ƙwarya wayam. A ware musu nasu kafin a ɗora ƙwarya a kai. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Daga nan a kaurara masa kunu da ƙuli-ƙuli ko garin wake, a zuba tafasasshiyar madara, a ba shi ƙwai idan kaza ta yi, a ci gaba da ba shi mama har shekara 2. Ruwan da zai sha a tafasa shi.

Yadda za ku gane ko ana kan hanya: idan an je awo, ku roƙi a auna tsawo, kada a tsaya a kan sikeli kawai, domin yaro na iya yin ɓul-ɓul alhali ya tsumbure. Wanda bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi a kan allo. Namiji ɗan shekara 2 da bai kai santimita 81 ba, ko mace da ba ta kai 79 ba, ya faɗa ƙarƙashin layi, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya tun da sauran lokaci.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku yi hattara da masu tallar maganin ƙara tsawo a tashoshin mota. Bakin ƙashi yakan rufe bayan balaga, mace wajen shekara 16, namiji wajen 18 ko ɗan sama. Bayan nan babu ƙwaya ko garin da zai ƙara ko da faɗin yatsa. Kuɗin nan gara a saya wa mai ciki kifi da ƙwai.

Allah ya raya mana zuri'a, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.