Kek ba tare da ƙwai ba: me za a sa a madadinsa?

Yau kicin za mu shiga.

'Yar yayata tana da alajin ƙwai. Ko kaɗan ta ci, sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, leɓenta ya kumbura. Da za ta cika shekara 6 na ce ni zan yi mata kek. Girkin da na saba da shi fulawa kofi 2 ne da ƙwai 2, sai na cire ƙwan na dama ayaba na zuba. Wallahi abin da ya fito ya fi kama da alala, ga nauyi ga danƙo.

Kuskurena shi ne ban tambayi aikin da ƙwai ke yi ba. Aiki uku yake yi: yana riƙe kwaɓin kada ya farfashe, yana ba shi laima, yana kuma taimaka masa ya tashi. Madadin kuwa da wuya ya haɗa ukun.

Ayaba nunanniya, kwatan kofi a madadin ƙwai 1, tana riƙewa, tana ba da laima, amma ba ta ɗaga kek, kuma ɗanɗanonta sai ya fito. Finiga babban cokali 1 da bekin soda ƙaramin cokali 1 su ne masu ɗagawa, domin haɗuwarsu na fitar da iska a cikin kwaɓin. Sai dai ba sa riƙewa, kana yankawa kek ɗin na marmashewa. Yogot marar suga ko kindirmo, shi ma kwatan kofi, yana kawo laushi, tsaminsa kuma yana tayar da soda.

A karo na biyu ga abin da na yi: yogot rabin kofi a madadin ƙwai 2, na bar bekin foda yadda yake, na ƙara soda rabin ƙaramin cokali. Na kunna oben tun kafin na kwaɓa, saboda soda na fara aiki da zarar ta haɗu da tsami, in ka tsaya jira iskar ta tsere. Na gasa a digiri 180, wajen minti 35, har tsinke ya fito a bushe. Ban yanka ba sai da ya huce sarai, don da zafinsa rugujewa yake. In ka ji ɗanɗano kamar kanwa, soda ta yi yawa.

Dabarar tana da iyaka fa. Girkin da ke neman ƙwai 4 ko fiye, ƙwan ne ginshiƙinsa, gara ka canza girki.

Sai batun lafiya. Kada a sa mayonis, da ƙwai ake yin sa. Ƙwan zabi ko na agwagwa ma ba mafita ba ne, suna iya tayar da alajin. A wanke roba, maburgi da gwangwanin gashi da sabulu, don ɗan ragowar ƙwai ya isa ya jawo matsala. A kuma tabbatar yaron na shan madara lafiya kafin a sa yogot.

Ranar bikin yanka biyu ta ci. Sai mun haɗu a shiri na gaba.