A Biya Magini Bisa Aikin da Ya Gama, Ba Bisa Kwanan Wata Ba

Jawabin wannan wata a kan aikin jinga ne, tsakanin mai gida da magini.

Rigimar gini yawanci daga wuri ɗaya take tasowa, wato kuɗi ya riga aiki. Ga misali. Mai gida ya ba magini jingar ɗaki biyu na bulo da rufin kwano, a kan Naira 500,000. Kuɗin aiki ke nan kawai, kayan gini na wuyan mai gida. Suka shirya a riƙa biyan Naira 100,000 kowane ƙarshen wata, har wata biyar. Bayan wata uku magini ya karɓi Naira 300,000, amma bango bai wuce taga ba. In ya sami wani aikin ya tafi, Naira 200,000 da ta rage ba za ta kammala ginin ba.

Wata yana ƙarewa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Saboda haka a ɗaura biya a kan aikin da ido zai gani. Ga yadda za a raba waccan Naira 500,000 gida shida.

Na ɗaya, kafin alƙalami, Naira 50,000. Da ita magini zai sallami leburorin farko.

Na biyu, harsashi, Naira 100,000. Mai gida ya duba zurfin rami tun ba a zuba kankare ba, domin in an rufe ba a sake gani. In an ɗora bulo, a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a ja kuma ta ɗaya ɓangaren. In tsawon bai zo ɗaya ba, ɗakin ya karkace. A gyara, sa'an nan a biya.

Na uku, bango har linta, Naira 125,000. Linta ita ce kankare mai rodi da ake zubawa bisa ƙofa da taga. A ƙirga rodi kafin a zuba siminti. Bayan an zuba, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai, domin kankaren da ya bushe da wuri ba ya ƙarfi. A kuma sako igiya mai dutse daga saman bango, a ga ko ya miƙe.

Na huɗu, rufi, Naira 100,000. Daga ciki magini zai biya kafinta. A shiga ɗaki da rana a ɗaga kai. Inda haske ya ɓullo a jikin kwano, nan ruwa zai zubo.

Na biyar, filasta da daɓe da ƙofofi da tagogi, Naira 75,000. A ƙwanƙwasa bango. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta bai kama ba, zai ɓanɓaro.

Na shida, cikon Naira 50,000. Mai gida ya riƙe ta har a yi ruwan sama mai ƙarfi, a tabbata ɗaki ba ya yoyo. In da rani aka gama ginin, a rubuta watan da za a biya, kada magini ya yi ta jiran gawon shanu.

A duba bambancin. Da wannan tsari aka bi, lokacin da bango ya tsaya a taga Naira 150,000 kaɗai ta fita. Saura Naira 350,000 a hannun mai gida, wadda zai iya ɗaukar wani magini da ita.

Shi ma magini yana da haƙƙi. A rubuta cewa in ya gama mataki, za a duba a biya shi cikin kwana uku. In siminti ko yashi ya yanke daga wajen mai gida, jinkirin ba laifin magini ba ne. In mai gida ya ƙaro aiki, kamar baranda, a yi cinikinta dabam, a rubuta kafin a fara.

A kula da kalmomin takarda. Kada a rubuta "in aiki ya yi nisa", domin kowa da irin nasa nisan. A rubuta "in an zuba linta a ɗaki biyu, an ba ta ruwa kwana bakwai". A sa ranar da ake sa ran gamawa, amma ba ita ce ke kawo biya ba.

A yi takarda biyu iri ɗaya, kowa ya riƙe guda. Mai gida da magini su sa hannu ko su dangwala yatsa a gaban shaidu biyu, in da hali har da mai unguwa. Duk ranar da aka biya, a rubuta kwanan wata da yawan kuɗin a bayan takardun, magini ya sa hannu. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, ya kai wa malamin ajin yaƙi da jahilci ya karanta masa kafin ya dangwala.

Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya. Wassalam.